Rangwamen Haraji kan Kuɗin Makaranta, Inshorar Lafiya da Ɗawainiyar Iyali

Rangwamen haraji wani ɓangare ne na kuɗin shigar mutum da doka ta ce a ware gefe kafin a lissafa harajin da zai biya. Ba kuɗi ne da gwamnati ke miƙa wa mutum a hannu ba, kuma ba a cire shi kai tsaye daga harajin. Abin da yake yi shi ne rage adadin da za a ɗora wa haraji. Wanda yake samun naira miliyan huɗu a shekara, idan doka ta ba shi rangwamen naira dubu ɗari huɗu, za a lissafa masa haraji ne a kan miliyan uku da dubu ɗari shida. Wannan bambanci shi ne tushen yawancin ruɗanin da ake samu, domin mutane da dama na zaton duk nairar da suka nuna rasit ɗinta za ta dawo musu.

Abubuwa uku ne suka fi cin albashin magidanci bayan abinci da haya: kuɗin makarantar yara, kuɗin asibiti, da ɗawainiyar waɗanda ke ƙarƙashinsa, wato mata da 'ya'ya da tsofaffin iyaye, wani lokaci har da marayun dangi. Ƙasashe sun bambanta a kan wanne daga cikin ukun suke sassauta wa mai biyan haraji. A Nijeriya, ƙarƙashin Dokar Haraji ta 2025 wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yuni na 2025 kuma ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ɗaya ne kaɗai daga cikin ukun ke da rangwame na kansa, shi ne gudummawar inshorar lafiya. Kuɗin makaranta da ɗawainiyar iyali ba sa cikin jerin.

Abin da doka ta yarda a cire

Jerin abubuwan da mutum zai iya cirewa daga kuɗin shigarsa gajere ne. Akwai gudummawar fansho, da gudummawar asusun gidaje na ƙasa, da gudummawar inshorar lafiya ta ƙasa, da kuɗin ruwan bashin da aka ci don gina gidan da mutum ke zaune a ciki, da kuɗin inshorar rai ta shi kansa ko ta abokin aurensa. Na ƙarshe shi ne rangwamen haya, wanda sabon abu ne: kaso 20 cikin ɗari na hayar da mutum ya biya a shekara, amma kada ya wuce naira 500,000.

Bayan an cire waɗannan, abin da ya rage ana yanka shi mataki-mataki. Naira 800,000 ta farko ba ta da haraji. Naira miliyan 2.2 da ke biye da ita ana cire mata kaso 15, sai miliyan 9 na gaba kaso 18. Daga nan matakan na hawa zuwa kaso 21 da 23, har su tsaya a kaso 25 ga abin da ya haura naira miliyan 50. Sanin matakin da mutum ya tsaya a kai yana da amfani, domin shi ke nuna ainihin darajar kowane rangwame a aljihunsa.

Inshorar lafiya

Tsarin inshorar lafiya na ƙasa ya samo asali daga dokar 1999, ya fara aiki a 2005, sannan dokar 2022 ta maye gurbinsa da hukumar da ake kira NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin ƙasar. A tsarin ma'aikata, kuɗin kashi biyu ne: mai aiki ya zuba nasa, ma'aikaci ya zuba nasa. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce mai aiki ya biya kaso 10 na tushen albashi, ma'aikaci ya biya kaso 5. Ga ma'aikatan gwamnatin tarayya kuwa, ana lissafi ne a kan dunƙulallen albashi, gwamnati kaso 3.25, ma'aikaci kaso 1.75.

Rangwamen haraji ya shafi abin da ya fita daga aljihun ma'aikacin ne kawai. Kason da mai aiki ya zuba ba nasa ba ne, saboda haka ba zai nemi a cire masa shi ba. Akwai kamfanonin da ke ɗaukar nauyin inshorar ma'aikatansu gaba ɗaya ba tare da yanke musu ko kwabo ba. Ma'aikacin irin wannan wuri yana da katin asibiti, amma ba shi da abin nema a wajen hukumar haraji, tunda bai biya komai ba.

Kuɗin magani ma ba inshora ba ne. Wanda aka kwantar da matarsa ya biya naira dubu ɗari uku na tiyata, ko wanda ke sayen maganin hawan jini wa mahaifiyarsa kowane wata, ba zai cire waɗannan daga kuɗin shigarsa ba, komai ingancin rasit ɗin asibitin. Haka nan kaso 10 na kuɗin magani da mai inshora ke biya a kantin asibiti lokacin karɓar magani kuɗin saye ne, ba gudummawa ba. Dokar ta sassauta wa wanda ya yi tanadi kafin ciwo ya zo, ba wanda ciwon ya riska hannu rabbana ba, ko da yake na biyun ne ya fi jin jiki.

Ta nan ne kuma ɗawainiyar iyali ke samun 'yar ƙofar shiga. Gudummawar ma'aikaci guda a tsarin ƙasa tana ɗauke da shi, da matarsa ɗaya, da 'ya'yansa huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. An zana tsarin ne da ƙaramin gida a zuciya, kuma duk wanda ya san gidajen Kano ko Sakkwato ya san wannan ma'auni bai cika isa ba. Mai mata biyu da 'ya'ya tara sai ya yi wa sauran rajista a matsayin ƙarin mutane, ya biya wa kowane kai kuɗi daban. Wannan ƙarin ba ya bayyana a takardar albashi idan da hannu aka biya shi, saboda haka ofishin albashi bai san da shi ba, kuma ba zai shiga lissafi ba sai mai shi ya gabatar da shaida.

Lafazin dokar ya ambaci tsarin inshorar lafiya na ƙasa ne. Jihohi da dama suna da nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ke sayar da nasu tsarin. Wanda ke biya ta ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune ita ke da hurumin karɓa ko ƙin karɓar buƙatarsa, kuma ya fi masa tsaro ya samu amsarta a rubuce kafin ya gina lissafinsa a kai.

Lissafin wani magidanci

A ɗauki misalin ma'aikacin wani kamfani a Kaduna mai albashin naira 350,000 a wata, wato naira 4,200,000 a shekara. Yana da mata da 'ya'ya shida, huɗu suna makarantar kuɗi, mahaifiyarsa kuma tana hannunsa. A shekara ana yanke masa naira 240,000 na fansho da naira 72,000 na inshorar lafiya, wato dubu shida kowane wata. Yana biyan hayar naira 400,000, kuɗin makarantar yara kuma ya kai naira 600,000 a zango uku.

Rangwamen hayarsa kaso 20 ne na 400,000, wato naira 80,000. Idan aka haɗa da fansho da inshora, jimillar abin da za a cire ta kama naira 392,000, abin da za a ɗora wa haraji kuma ya zama naira 3,808,000. Naira 800,000 ta farko ta wuce babu komai. Miliyan 2.2 da ke biye ta ba da naira 330,000. Ragowar naira 808,000 ta faɗa matakin kaso 18, ta ba da naira 145,440. Harajinsa na shekara naira 475,440 ke nan, kusan 39,620 a wata.

Da a ce ba a cire masa kuɗin inshorar ba, da harajin ya zama naira 488,400. Bambancin naira 12,960 ne, wato kaso 18 na dubu saba'in da biyun da ya zuba. Wannan ita ce ainihin darajar rangwamen: ya biya 72,000, gwamnati ta ɗauke masa 12,960, sauran 59,040 daga jikinsa suka fita. Abokin aikinsa da albashinsa ya tsaya a matakin kaso 15 zai samu sauƙin naira 10,800 a kan wannan adadi, babban manajan da ya kai matakin kaso 25 kuwa naira 18,000. Mai ƙaramin albashin da bai haura matakin da ba haraji ba, ba ya samun komai, domin babu harajin da za a rage masa tun farko. Duk rangwamen da ake cirewa daga kuɗin shiga haka yake, ya fi amfanar wanda ya fi samu.

Naira 600,000 ta makaranta ba ta motsa lissafin ko da kwabo ba, haka 'ya'ya shidan da mahaifiyar. Gwauron da ke zaune a teburin kusa da shi, mai albashi ɗaya da haya ɗaya da yanke-yanke ɗaya, harajinsu daidai yake har zuwa naira ta ƙarshe.

Yadda rangwamen yara ya ɓace

Ba haka abin yake ba tun asali, shi ya sa tsofaffin ma'aikata har yanzu suke tambayar inda ake rubuta sunayen yara a fom. Dokar harajin kuɗin shiga ta 1993, bayan gyare-gyarenta, ta tanadi rangwamen naira 2,500 ga kowane yaro har zuwa yara huɗu, muddin yaron bai kai shekara 16 ba, ko yana makaranta, ko yana koyon sana'a. Ta kuma ba da naira 2,000 ga kowane ɗan'uwa da ke ƙarƙashin kulawar mutum, har mutum biyu. Iyakar abin da magidanci zai samu daga su duka naira 14,000 ne a shekara. An bar adadin a daskare shekara da shekaru yayin da darajar naira ke zaizayewa, har ya zama bai kai kuɗin motar zuwa ofishin haraji a nema ba.

Gyaran 2011 ya kawo dunƙulallen rangwame guda ga kowa: naira 200,000 ko kaso ɗaya na kuɗin shiga, duk wanda ya fi yawa, sannan a ƙara kaso 20 na kuɗin shigar. Manufar ita ce a daina ƙirga kawuna da neman takardun haihuwa, a ba kowa sassauci ɗaya da zai rufe buƙatun gida. An yi ta jayayya a kan ko tsofaffin rangwamen yara da dangi suna nan tare da sabon, har Dokar Kuɗi ta 2019 ta share su daga littafi. Dokar 2025 kuma ta soke dunƙulallen rangwamen shi kansa, ta maye gurbinsa da matakin naira 800,000 da ba haraji da kuma rangwamen haya. Ga magidancin da aka yi misali da shi, tsohon lissafin zai ba da haraji kusan naira 499,000, saboda haka sabon tsarin ya ɗan rage masa, amma ba don yawan iyalinsa ba.

Kuɗin makaranta

Game da karatu, doka ta ɗauki kuɗin makaranta a matsayin hidimar gida, kamar abinci da sutura, kuma hidimar gida ba a cire ta. Wannan ya haɗa da kuɗin makarantar yara, da na jarrabawa, da na littattafai, da kuɗin da ma'aikaci ya biya wa kansa don ƙaro karatu. Sauƙin da gwamnati ta yi wa ilimi yana ta wani gefen ne: ba a ɗora harajin kayan masarufi na VAT a kan kuɗin makarantar firamare da sakandare ko littattafan karatu.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko na 'yan kasuwa ne da masu sana'ar kansu, waɗanda ke cire kuɗin gudanar da kasuwanci kafin a lissafa riba. Mai shagon da ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa daga asusun shago ya rubuta shi cikin kashe-kashen kasuwanci, idan aka zo bincike za a mayar da kuɗin cikin riba, a ɗora masa haraji har da tara. Na biyu na ma'aikatan da wurin aikinsu ke ba su alawus ɗin karatun yara ne. Da yawa na ɗauka kyauta ce da haraji ba ya taɓawa, alhali alawus ɓangaren albashi ne, kuma yana ƙara adadin da ake lissafi a kai maimakon ya rage shi.

Yadda maƙwabta suke yi

Bahaushen da ke aiki a Kumasi ko Akara yana ƙarƙashin tsarin da ya saɓa wa na Nijeriya kusan baki ɗaya. Dokar harajin kuɗin shiga ta Gana ta 2015, da adadin da gyaran 2019 ya sanya, ta ba da rangwamen sidi 600 a shekara ga kowane yaro da ke karatu a makarantar da hukuma ta amince da ita a cikin ƙasar, har yara uku. Akwai sidi 1,200 ga wanda ke ɗauke da nauyin abokin aure ko aƙalla yara biyu, da sidi 1,000 ga kowane tsohon ɗan'uwa da ya haura shekara 60 yake hannun mutum, har mutum biyu. Wanda ya biya kuɗin horo don ƙara ƙwarewa a sana'arsa yana iya cire har sidi 2,000. Uwa da uba ba za su nemi rangwame a kan yaro ɗaya su biyu ba, sai ɗaya daga cikinsu.

Magidanci mai mata da yara uku a makaranta da iyaye biyu tsofaffi zai tara sidi 5,000 na rangwame, wanda a matakin kaso 17.5 yake rage masa sidi 875 a shekara. Ba wani adadi ba ne mai yawa, kuma ya fara kama hanyar da na Nijeriya ya bi ya lalace, tunda a daskare yake. Inshorar lafiya kuwa ba ta cikin jerin rangwamen Gana, domin ana ciyar da tsarin lafiyarsu ne galibi daga harajin kaso 2.5 da ake ɗorawa a kan kaya da hidimomi, da wani kaso na gudummawar fanshon ma'aikata. A Jamhuriyar Nijar, wadda ta gaji tsarin Faransa, yawan mutanen da ke wuyan ma'aikaci yana shiga lissafin harajin albashinsa, sauƙin yana ƙaruwa gwargwadon yawansu har zuwa iyakar da doka ta yanka.

Neman rangwamen da tabbatar da shi

Rangwame ba ya zuwa da kansa. Doka ta ce sai an nema a rubuce, kuma hukumar haraji na da ikon neman shaida, ta ƙi amincewa idan ba a kawo ba. Ga mai albashi, harajin ana yanke shi ne daga tushe kowane wata, shi ne layin da ke ɗauke da PAYE a takardar albashi. Abin da ake yankewa ta ofishin albashi, kamar fansho da inshorar lafiya, akanta ya kamata ya cire shi kafin ya lissafa harajin. Abin da mutum ya biya da hannunsa, kamar haya, inshorar rai, da ƙarin mutanen da ya yi wa rajistar lafiya, sai ya kai wa ofishin shaidarsa.

Gane ko an yi daidai ba shi da wuya. Mutum ya ninka albashin wata sau goma sha biyu, ya cire abubuwan da doka ta yarda, ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ya raba sakamakon gida goma sha biyu, sannan ya kwatanta da abin da ke takardarsa. A misalin da ya gabata, idan takardar ta nuna 40,700 maimakon 39,620, ratar naira 1,080 a wata daidai take da kaso 18 na dubu shida, alamar cewa ana yanke kuɗin inshorar amma ba a cire shi kafin lissafin haraji. Idan ratar ta zama naira 1,200, rangwamen haya ne bai shiga ba.

Shaidar da ke tsayawa ita ce wadda ke ɗauke da sunan mai neman, da adadin kuɗin, da shekarar da aka biya. Rasit ɗin da aka rubuta da sunan mata ba zai yi wa miji aiki ba, domin kowannensu mai biyan haraji ne daban, kuma wanda kuɗin ya fita daga hannunsa shi ke nema. Kuɗin da aka miƙa wa wakilin mai gida ko dillalin inshora hannu da hannu ba takarda, a wajen hukuma kamar ba a biya ba ne. Ana so a adana takardun aƙalla shekara shida, domin hukuma na iya waiwayar lissafin baya. Shaidar ƙarya kuma laifi ce mai tara, banda biyan harajin da aka kauce wa.

Harajin kuɗin shigar mutum yana zuwa ne ga jihar da yake zaune, ba jihar haihuwarsa ko inda hedikwatar kamfaninsa take ba, mazauna Abuja kuma suna da tasu hukumar. Masu aiki suna miƙa bayanin albashin ma'aikatansu na shekarar da ta gabata kafin ƙarshen Janairu, shi kuma mutum yana da har zuwa 31 ga Maris ya miƙa nasa bayanin na shekara. A cikin wannan fom ne ake shigar da duk rangwamen da ofishin albashi ya tsallake, kuma a kansa ake dogara wajen neman a mayar da rarar da aka yanka ko a lissafa ta cikin harajin gaba.